Rubuta rahoton firaktikal a shekarar farko: tambayoyin da ɗalibai suka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban aji ɗaya na jami'a suke maimaitawa duk zangon karatu, musamman bayan an mayar musu da rahotonsu na farko cike da jan biro. Na ɗauki gwaji guda na bi shi daga farko har ƙarshe, wato gwajin fendulum: ƙwallon ƙarfe da aka rataye da zare yana lilo, ana auna lokacin lilonsa domin a fitar da g, hanzarin da abu ke ƙarawa idan yana faɗowa ƙasa. Da Turanci ko Faransanci za ka rubuta rahotonka, gwargwadon inda kake karatu, amma misalan jimlolin da ke nan da Hausa na kawo su domin ma'anar ta zauna.

1. Waɗanne sassa ne ya kamata rahoton ya ƙunsa?

Idan sashenku ya ba da tsari a littafin firaktikal, shi za ka bi, ko da ya saɓa wa abin da na faɗa nan. Galibi dai jerin ba ya wuce haka: sunan gwaji da ranar da aka yi shi, manufa, ƙa'idar da gwajin ya dogara a kai tare da hasashe, kayan aiki, yadda aka yi, jadawalin abin da aka auna, giraf da lissafi, tattauna sakamako da kurakurai, sai kammalawa. Kammalawar jimla biyu ko uku ce da ke amsa manufar kai tsaye. Idan manufa ta ce za a auna g, kammalawa ta faɗi adadin g da aka samu, da iyakar rashin tabbas ɗinsa, da ko ya dace da abin da aka sani.

2. Mene ne bambancin manufa da hasashe? Ina ganin kamar abu ɗaya ne.

Manufa tana faɗin abin da ka shiga lab ka yi: "a auna g ta hanyar amfani da fendulum." Hasashe kuwa magana ce da sakamakon gwajin zai iya ƙaryatawa. Wannan shi ne ma'aunin da zan ba ka: karanta hasashenka, ka tambayi kanka wane sakamako ne zai nuna cewa ba daidai ba ne. Idan babu, abin da ka rubuta bai zama hasashe ba tukuna.

Ɗalibai da yawa suna rubuta "tsawon zare yana shafar lokacin lilo." Gaskiya ce, amma ta yi faɗi, domin ko lokacin ya ƙaru ko ya ragu maganar tana nan daram. Ƙa'idar fendulum ta ce T = 2π√(L/g), inda T shi ne lokacin lilo ɗaya, zuwa da dawowa, L kuma tsawo daga inda aka ɗaure zaren zuwa tsakiyar ƙwallon. Idan ka ninka kowane ɓangare da kansa za ka samu T² = (4π²/g)L. Daga nan hasashe mai ƙarfi yake fitowa: "idan lilon bai yi faɗi ba, giraf ɗin T² a kan L zai ba da miƙaƙƙen layi da ya ratsa ta sifiri, kuma silof ɗinsa zai zama 4π²/g." Abubuwa uku ke nan da za a iya dubawa: miƙewar layi, wucewarsa ta sifiri, da girman silof, wato yawan tsayuwar layin. A amsa ta 9 za ka ga yadda ɗaya daga cikin ukun ya saɓa, kuma saɓawar ce ta tona inda matsalar take.

3. A wajen yadda aka yi gwaji, zan iya kwafe matakan da ke littafin firaktikal?

A'a, kuma ba don tsoron mai duba takarda kaɗai ba. Littafin umarni yake bayarwa, yana cewa ka yi kaza. Rahoto labarin abin da ya riga ya faru ne a teburinka, da kayan da aka ba ka, don haka ake rubuta shi da sigar "an yi", "an auna". Idan littafi ya ce a ƙirga lilo 50 amma lokaci ya ƙure kuka ƙirga 20, to 20 za ka rubuta. Idan zaren ya zame a tsakiyar aiki kuka sake ɗaurewa, wannan ma ya shiga.

Ka rubuta yadda ɗan ajinku da bai zo ranar ba zai iya maimaita aikin ya sami abin da ka samu. Ga misali: "An matse zaren tsakanin ɓarin toshiya biyu a jikin sandar rataya. An auna tsawo da rula mai mita ɗaya, wadda ƙaramin layinta milimita 1 ne. An ja ƙwallon gefe ƙasa da digiri 10 aka sake shi. An bar lilo biyu suka wuce, sannan aka danna agogo daidai lokacin da ƙwallon ke gifta alamar da aka yi a tsakiya, aka ƙirga lilo 20. An maimaita sau uku a kowane tsawo, daga mita 0.400 zuwa 1.200." Kowace jimla a nan tana da amfani daga baya. Ƙaramin layin rula zai shigo lissafin rashin tabbas, digiri 10 kuma zai shigo tattaunawa. Labarin yadda kuka karɓi kaya daga hannun ma'aikacin lab ba ya cikin abin da ake buƙata.

4. Me ya sa ake ƙirga lilo 20 maimakon a auna guda ɗaya?

Saboda hannun mutum. Tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna akwai ɗan jinkiri, kuma jinkirin farawa da na tsayarwa ba sa zuwa daidai. A lab na shekarar farko ana ɗaukar wannan rashin tabbas a kusan sakan 0.2, ko da agogon yana nuna lambobi biyu bayan ɗigo. Fendulum mai tsawon mita 0.8 yana yin lilo ɗaya cikin kusan sakan 1.8, to sakan 0.2 ya haura kashi 10 cikin 100 na abin da kake aunawa. Idan ka ƙirga 20, lokacin ya kai sakan 36, jinkirin hannun kuma yana nan a 0.2 ɗinsa. Da ka raba da 20, rashin tabbas ɗin lilo ɗaya ya koma sakan 0.01.

Ka saka wannan dalili cikin rahoton da jimla ɗaya. Shi ne kuma dalilin ƙirgawa daga tsakiya maimakon gefe: a gefe ƙwallon yana kusan tsayawa, ido ba ya tantance lokacin da ya juya, a tsakiya kuwa da gudu yake giftawa.

5. Yaya zan tsara jadawalin sakamako?

Ka fara rubuta abin da agogo ya nuna, duka karatun uku, kafin matsakaicinsu. A tsawon mita 0.800, alal misali, an samu sakan 36.1, 36.4 da 36.4, matsakaici 36.3. Mai dubawa yana son ganin ukun domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce shaidar yadda hannunka ya tsaya. Ma'auni, wato mita ko sakan, a kan layin sama ake rubuta shi sau ɗaya, kuma lambobin da ke layi guda daga sama zuwa ƙasa su zo da yawan gurabe iri ɗaya bayan ɗigo. Ga taƙaitaccen jadawalin da zan yi aiki da shi a sauran amsoshin, na matsakaitai kawai:

| L (m) | 20T (s) | T (s) | T² (s²) |
|---|---|---|---|
| 0.400 | 25.9 | 1.295 | 1.677 |
| 0.600 | 31.5 | 1.575 | 2.481 |
| 0.800 | 36.3 | 1.815 | 3.294 |
| 1.000 | 40.5 | 2.025 | 4.101 |
| 1.200 | 44.4 | 2.220 | 4.928 |

Rubuta 0.400 maimakon 0.4 yana da ma'ana: sifiran nan biyu suna shaida cewa ka auna har milimita.

6. Ɗaya daga cikin karatuna ya fita daban da sauran. In goge shi?

Kada ka goge, kuma kada ka shafa farin fenti a kai. Ka ja masa layi guda yadda za a iya karantawa, ka rubuta dalili a gefe, ka sake aunawa idan kana cikin lab. Sau da yawa dalilin yana bayyana da ɗan lissafi. A ce a tsawon mita 0.800 ka samu 36.1, 36.4, sai kuma 34.5. Gibin kusan sakan 1.8 ne, daidai lokacin lilo ɗaya, wato 19 ka ƙirga. Wannan yana faruwa ne idan mutum ya ce "ɗaya" a daidai lokacin da ya danna agogo, alhali "sifiri" ya kamata ya ce. Irin wannan karatu kana da hujjar cire shi daga matsakaici, muddin ka faɗi hujjar.

Idan ba ka gano dalili ba, ba ka da ikon cire shi don kawai ya ɓata maka layi. Ka bar shi, ka ambace shi a tattaunawa.

7. Tunda akwai ƙa'ida, me ya sa sai na zana giraf? Ba zan iya lissafa g a kowane layi in ɗauki matsakaici ba?

Gwada mu gani. Da g = 4π²L/T², layukan jadawalin amsa ta 5 suna ba da 9.42, 9.55, 9.59, 9.63 da 9.61, matsakaicinsu 9.56. Duba da kyau: duka biyar suna ƙasa da kusan 9.8 da ake tsammani, kuma mafi gajeren zare shi ya fi nisa. Matsakaici ya haɗiye wannan alama, ya ba ka lamba ɗaya da ba ta gaya maka komai game da abin da ya faru. Giraf yana baje alamar a fili, kamar yadda amsa ta 9 ta nuna.

Wajen zanen, L a kwance, T² a tsaye, kowane da ma'auninsa. Ka zaɓi sikeli mai sauƙin karantawa, irin 1, 2 ko 5 a kowane babban gida, ka guji 3 da 7, kuma ɗigogin su cinye fiye da rabin takardar. A wannan gwajin ka fara sandunan biyu, ta kwance da ta tsaye, daga sifiri, domin inda layin zai yanke yana da muhimmanci. Layi ɗaya miƙaƙƙe za ka ja da rula, ɗigogi su rabu sama da ƙasansa. Kada ka haɗa ɗigo da ɗigo, kada kuma ka tilasta wa layin ya bi ta sifiri don ƙa'ida ta ce haka.

Silof shi ne yawan hawan layin idan aka raba da nisan da ya tafi a kwance. Ka ɗauki wurare biyu masu nisa da juna a kan layin da ka ja, ba daga jadawali ba. A nan, a L = 0.45 layin yana kan 1.88, a L = 1.15 yana kan 4.72. Silof ya zama 2.84 ÷ 0.70 = 4.06 s²/m, sai g = 4π² ÷ silof = 39.48 ÷ 4.06 = 9.72 m/s².

8. Ta yaya zan fitar da lambar nan da ake rubutawa bayan ±?

Hanya mafi sauƙi a shekarar farko ita ce ta layi mafi tsayuwa da layi mafi kwanciya. Ka fara da rashin tabbas ɗin T, wanda muka samu 0.01 a amsa ta 4. Idan aka ninka lamba da kanta, kason rashin tabbas ɗinta yana ninkuwa biyu, don haka na T² shi ne 2T × 0.01. A ɗigon farko ya zama kusan 0.026, a na ƙarshe kusan 0.044. Waɗannan ne 'yan sandunan da ake zanawa sama da ƙasan kowane ɗigo.

Layi mafi tsayuwa yana tashi daga ƙasan sandar ɗigon farko zuwa saman ta ƙarshe: (4.972 − 1.651) ÷ 0.800 = 4.15. Mafi kwanciya akasin haka: (4.884 − 1.703) ÷ 0.800 = 3.98. Rabin tazarar da ke tsakaninsu kusan 0.09 ne, wato kashi 2 cikin 100 na silof. Tunda g daga silof ya fito ta hanyar rabawa, shi ma kashi 2 cikin 100 ɗin ne a kansa, kusan 0.2. Rula fa? Milimita 1 a cikin santimita 40 bai wuce rubu'in kashi 1 cikin 100 ba, don haka agogo ne ya mamaye lissafin. Wannan ma abin faɗa ne a rahoto.

Sakamakon da za ka rubuta shi ne g = 9.7 ± 0.2 m/s². Kalkuleta zai ba ka lambobi takwas ko tara bayan ɗigo, kuma na san yadda yanke su yake yi wa ɗalibi ciwo bayan ya sha wahalar lissafi. Amma idan shakka ta fara tun daga gurbin farko bayan ɗigo, duk abin da ya biyo baya ba aunawarka ce ta ba da shi ba. Ka riƙe ƙarin lambobin yayin lissafi, ka yanke sau ɗaya a ƙarshe.

9. Layina bai bi ta sifiri ba. Gwajin ya lalace ke nan?

Bai lalace ba. A ganina nan ne ma rahoton ya fi samun abin faɗa. A jadawalinmu layin ya yanke sandar tsaye a kusan 0.05 s², sama da sifiri, kamar a ce zaren da ba shi da tsawo ko kaɗan yana da lokacin lilo. Hakan ba ya yiwuwa, don haka akwai wani tsawo da ba a ƙirga ba a dukkan awon. Raba 0.05 da silof 4.06 ka samu mita 0.012, wato santimita 1.2. Yanzu ɗauki ma'aunin baniya ka auna kaurin ƙwallon. Idan ya ba ka santimita 2.4, ka kama ɓarawon: an tsayar da rula a saman ƙwallon, ba a kai tsakiyarsa ba.

Wannan shi ne kuskure mai karkata gefe guda. Yana tura kowane awo zuwa ɓangare ɗaya, kuma maimaita awo sau ɗari ba ya rage shi. Ya bambanta da kuskuren warwatsuwa, irin na hannu a kan agogo, wanda yake kaiwa sama wani lokaci, ƙasa wani lokaci, kuma maimaitawa da ɗaukar matsakaici suna rage shi. Santimita 1.2 a cikin 40 kashi 3 cikin 100 ne, a cikin 120 kuwa kashi 1 ne, shi ya sa gajeren zare ya fi ba da g mafi ƙanƙanta a amsa ta 7. Silof bai ji komai ba, domin ƙara adadi ɗaya a kan kowane L yana matsar da layin ne gefe, ba ya canza tsayuwarsa.

A rahoto ka rubuta shi yadda ya faru: hasashe ya ce layin zai bi ta sifiri, bai bi ba, ya yanke a 0.05, wannan ya yi daidai da tsawon santimita 1.2 da aka bari, kuma bai taɓa g da aka fitar daga silof ba.

10. Da wace lamba zan kwatanta sakamakona, kuma yaushe zan ce ya dace?

Littattafai da yawa suna ba da 9.81 m/s², amma g yana canzawa da wuri. A kusa da layin da ya raba duniya biyu kusan 9.78 ne, a ƙuryar arewa da ta kudu ya kai kusan 9.83. Wanda ke Kano, Zariya, Sakkwato ko Maraɗi ya fi kusa da 9.78. Ka yi amfani da wadda malaminku ya ce, ka faɗi wadda ka ɗauka.

Sakamakonmu ya shimfiɗa daga 9.5 zuwa 9.9, kuma 9.78 tana ciki, saboda haka ya dace a cikin iyakar rashin tabbas. Bambancin 9.72 da 9.78 kusan kashi 0.6 cikin 100 ne, amma kada ka yi alfahari da wannan lamba, domin gwajin da ke da shakkar kashi 2 cikin 100 ba zai iya ikirarin dacewa ta kashi 0.6 ba. Ba zai ma iya bambanta 9.78 da 9.81 ba. Da a ce ka samu 9.2 ± 0.2, sai ka rubuta cewa bai dace ba, ka shiga neman abin da ya karkatar da shi.

11. Na rubuta "kuskuren ɗan Adam" da "iska" a matsayin tushen kuskure, aka rage mini maki. Me ya sa?

Domin waɗannan kalmomi za su shiga rahoton kowane gwaji a duniya ba tare da an canza harafi ba, don haka ba su nuna ka fahimci naka ba. Duk tushen kuskuren da za ka ambata, ka amsa masa tambayoyi uku: wane awo ya shafa, ya ɗaga g ne ko ya saukar da shi, kuma girmansa ya kai nawa.

Ɗauki faɗin lilo. Ƙa'idar da muka yi amfani da ita ta ƙaramin lilo ce. A digiri 10 lokacin lilo yana ƙaruwa da kusan kashi 0.2 cikin 100, abin da agogon hannu ba zai gani ba. A digiri 30 ƙarin ya kai kusan kashi 1.7, kuma tunda T² ke cikin lissafi, g zai sauka da fiye da kashi 3. To idan ka samu g ya yi ƙasa, kuma ka tuna kun ja ƙwallon da nisa, kana da bayani mai ƙafa. Idan g ya yi sama, faɗin lilo ba zai zama dalili ba, alkiblarsa ba ta nan take ba. Abin da ke ɗaga g shi ne irin ƙirga 19 a matsayin 20 a duk awon, wanda zai ɗaga shi da kusan kashi 11. Turjiyar iska kuwa, ga ƙwallon ƙarfe mai nauyi, faɗin lilon take ragewa a hankali, tasirinta a kan lokaci ƙanƙane ne ƙwarai. Fanka da ke kaɗawa a saman tebur magana ce daban: tana iya sa ƙwallon ya riƙa zagaye maimakon zuwa da dawowa a layi, kuma idan hakan ya faru da ku, ka rubuta.

Kuskure biyu ko uku da aka bi haka sun fi jerin goma. Ka fara da mafi girma. Shawarar gyara kuma ta fito daga gare shi: tunda amsa ta 8 ta nuna agogo ne ya mamaye, gyaran shi ne a ƙirga lilo 50, wanda zai mayar da 0.01 zuwa 0.004. Neman rula mafi kyau ba zai canza komai a nan ba.

12. Sakamakona ya yi nisa da na littafi. Abokaina sun ce in ɗan gyara lambobin.

Ina roƙonka kada ka yi. Ƙirƙirar sakamako laifi ne a dokar kowace jami'a, kuma yana da saurin ganewa fiye da yadda ɗalibai ke zato. Karatu uku da suka zo iri ɗaya har gurbi na biyu daga agogon hannu, ɗigogi biyar da suka kwanta a kan layi babu ko ɗaya da ya kauce, g da ya fito 9.81 cif a garin da g ɗinsa 9.78 ne, duk wanda ya daɗe yana duba rahoto ya san hannu ba ya ba da haka. Kafin ka yanke ƙauna, duba abubuwa uku da suka fi jawo sakamako mai nisa: ko ka bar L a santimita, ko ka manta raba lokaci da 20, ko kun ƙirga zuwa kaɗai a matsayin lilo ɗaya ba tare da dawowa ba, wanda ke ninka g sau huɗu. Idan duk ba su ba ne, ka kai rahoton da lambobinka, ka bi matakan amsa ta 9 da ta 11.

13. Mu huɗu muka yi gwajin a tebur ɗaya. Rahotonmu zai iya zama iri ɗaya?

Jadawalin awo zai zama ɗaya, tunda tare kuka auna, kuma ya kyautu ka rubuta sunayen abokan aikinka a shafin farko. Daga giraf zuwa ƙasa kowa nasa zai yi. Mutum huɗu da suka ja layi da rula a kan ɗigogi guda ba za su sami silof ɗaya ba: wani 4.04, wani 4.06, wani 4.08, kuma duk suna cikin 0.09 da muka lissafa a amsa ta 8. Kafin ku bar lab, kowa ya kwafi karatun duka a littafinsa da biro, ya auna kaurin ƙwallon, ya rubuta ƙaramin layin rula da na agogo, sannan a kai wa mai kula da firaktikal ya sa hannu idan haka tsarin sashenku yake.